Zuba jari: A sayi hannayen jari a dunƙule ko da kaɗan-kaɗan?

Duk wanda kuɗi masu kauri suka shigo hannunsa a lokaci guda, ko na gado, ko na sallama daga aiki, ko kuma na cinikin fili, idan ya yanke shawarar sayen hannayen jari da su, akwai tambaya ɗaya da ba zai iya kauce mata ba.

Shin zai zuba kuɗin ne baki ɗaya a rana guda, ko kuwa zai kasa su kashi-kashi, ya riƙa saye wata-wata har su ƙare?

Hanya ta farko ita ce saye a dunƙule. Ta biyun kuma ita ce saye da kaɗan-kaɗan, wato mutum ya ware wani adadi na kuɗi wanda ba ya canzawa, ya riƙa sayen abu ɗaya da shi a lokutan da ya tsayar, ko farashi ya hau ko ya sauka.

A Turance sunan wannan hanya ta biyu yana ɗauke da kalmar dala, domin a Amurka ta yi fice, musamman bayan da masanin harkar zuba jari, Benjamin Graham, ya yi bayaninta a littafin da ya wallafa a shekarar 1949. Sai dai lissafin bai bambanta ba, ko da naira aka yi shi, ko da sefa, ko da sidi.

Masu tallata wannan hanya sukan ce tana rage farashin da mutum ke saye a kai. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ita ce dukkan gaskiyar ba, kamar yadda misalin da ke tafe zai nuna.

Wa da ƙane

A ɗauka cewa wa da ƙane sun ci gado, kowannensu ya tashi da naira dubu 720, kuma dukansu sun amince su sayi hannayen jarin kamfani ɗaya, wanda a ranar farko ake sayar da kowane hannun jarinsa a kan naira 40.

Wan ya zuba kuɗinsa duka a ranar, ya sami hannayen jari 18,000.

Ƙanen kuwa ya kasa nasa gida shida, ya riƙa saye da naira dubu 120 a farkon kowane wata har tsawon watanni shida.

Waɗannan alƙaluma na misali ne kawai, kuma an kambama hawa da saukar farashin domin bambancin ya fito fili. An kuma jingine batun ladan dillali da ribar da kamfani ke rabawa zuwa gaba.

Idan farashi ya faɗi ya dawo

A hali na farko, farashin ya tashi daga naira 40 ya sauka zuwa 30 a wata na biyu, sannan 24 a na uku, da 20 a na huɗu. Daga nan ya farfaɗo zuwa 30 a wata na biyar, ya koma 40 a na shida.

A watan farko naira dubu 120 ta saya wa ƙanen hannayen jari 3,000. A wata na biyu kuɗin da bai canza ba ya saya masa 4,000, a na uku 5,000, a na huɗu kuma 6,000, domin a lokacin farashi ya kai ƙasa.

Da farashin ya fara hawa, sai ya sami 4,000 a wata na biyar, da 3,000 a na shida. Jimla ya tara hannayen jari 25,000.

A ƙarshen watanni shidan farashi ya dawo inda ya taso. Wan yana nan da hannayen jarinsa 18,000, waɗanda darajarsu ta koma naira dubu 720, bai ci riba ba, bai kuma faɗi ba.

Na ƙanen kuwa, 25,000 a kan naira 40, sun kai naira miliyan ɗaya cif. Ya ci ribar naira dubu 280 ke nan a kasuwar da ba ta ƙara ko kwabo a kan farashinta na farko ba.

Yana da kyau a dubi halin da kowannensu ya shiga a wata na huɗu. A lokacin dukiyar wan ta ragu da rabi, ta koma naira dubu 360.

Shi kuwa ƙanen a wannan wata ya riga ya tara hannayen jari 18,000, daidai da na wansa, ga shi kuma da sauran naira dubu 240 a ajiye. Faɗuwarsa a kan takarda ba ta wuce naira dubu 120 ba.

Daga ina ribar ta fito?

Sirrin abin yana cikin tsayar da adadin kuɗin. Tun da kuɗin ba ya canzawa, yawan abin da ake saye ne ke canzawa: idan kaya ya yi araha kuɗin ya kwaso da yawa, idan ya yi tsada ya ɗauko kaɗan.

Saboda haka watannin araha sun fi watannin tsada nauyi a cikin abin da mutum ya tara.

Idan aka haɗa farashin watanni shidan nan aka raba gida shida, za a sami kimanin naira 30 da kwabo 67. To amma idan aka raba naira dubu 720 da ƙanen ya kashe a kan hannayen jari 25,000 da ya samu, kowanne ya tsaya masa ne a kan naira 28 da kwabo 80.

Wannan ba sa'a ba ce. Muddin farashi ya motsa, to abin da mai saye da kaɗan-kaɗan ya biya a kan kowane hannun jari zai kasance ƙasa da matsakaicin farashin watannin da ya yi saye a cikinsu.

A nan ne kuma mutane da dama ke ruɗewa, domin wan ai ba a kan matsakaicin farashi ya yi sayensa ba. Ya saya ne a kan farashin ranar farko, wato naira 40, kuma da wannan farashi ya kamata a gwada.

Idan farashi ya yi ta hawa

A hali na biyu, kasuwa ta yi kyau. Farashin ya tashi daga naira 40 zuwa 48, sannan 50, da 60, da 75, har ya kai 80 a wata na shida.

A wannan karon kuɗin ƙanen ya riƙa saya masa ƙasa da na watan da ya gabata: 3,000, sai 2,500, sai 2,400, sai 2,000, sai 1,600, sannan 1,500. Jimla 13,000.

A kan naira 80, hannayen jarinsa sun kai naira miliyan ɗaya da dubu 40. Ya ci ribar naira dubu 320, kuma idan shi kaɗai aka duba, za a ce ya yi ciniki.

Amma hannayen jari 18,000 na wansa sun kai naira miliyan ɗaya da dubu 440. Ratar da ke tsakaninsu naira dubu 400 ce, kuma wannan ita ce farashin jinkirin da ƙanen ya yi.

Abin lura shi ne, ko a nan ma maganar masu tallar ba ta ƙarya ba. Matsakaicin farashin watannin ya kai kimanin naira 58 da kwabo 83, shi kuwa ƙanen ya saya a kan kimanin naira 55 da kwabo 38. Ya sayi ƙasa da matsakaici, amma ya sayi sama da naira 40 da aka yi masa tayi tun ranar farko.

Idan ya hau ya dawo, ko ya faɗi bai tashi ba

Akwai masu zaton cewa duk lokacin da kasuwa ke hawa da sauka, mai saye da kaɗan-kaɗan ne ke da nasara. Hali na uku ya nuna ba haka abin yake ba.

A ce farashin ya tashi daga naira 40 zuwa 60, ya kai 80, sannan ya sauko zuwa 60, da 48, ya dawo 40. Ƙanen zai sami 3,000, da 2,000, da 1,500, da 2,000, da 2,500, da kuma 3,000, jimla 14,000.

A kan naira 40 darajarsu naira dubu 560 ce. Ya yi asarar naira dubu 160, alhali wansa yana nan da kuɗinsa cif, kuma kasuwar ta ƙare ne a daidai inda ta ƙare a hali na farko.

Hali na huɗu shi ne wanda farashi ya faɗi bai farfaɗo ba: daga 40 zuwa 30, da 25, da 24, da 20, har 15. Ƙanen zai tara hannayen jari 30,800, waɗanda darajarsu a kan naira 15 ba ta wuce dubu 462 ba.

Asararsa naira dubu 258 ce. Ta wan kuma dubu 450, domin nasa sun koma dubu 270. Ƙanen ya fi samun sauƙi, amma dukansu sun faɗi.

Idan aka haɗa waɗannan halaye huɗu, ƙa'ida ɗaya ce ke fitowa. Mai saye da kaɗan-kaɗan yana cin nasara ne kawai idan farashin da kayan suka tsaya masa a ƙarshe ya yi ƙasa da farashin ranar farko, wato idan kasuwa ta shafe akasarin lokacin sayen tana ƙasa da inda ta faro.

Idan kuwa ta shafe shi tana sama, mai saye a dunƙule ne ke gaba. Matsalar ita ce a ranar farko babu wanda ya san wanne daga cikin halayen zai auku.

Me tarihi ya nuna?

Tun da ba a san gobe ba, abin da ya rage shi ne a duba jiya, a ga wanne ya fi yawan faruwa.

A shekarar 2012 kamfanin Vanguard na Amurka, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ke juya dukiyar masu zuba jari a duniya, ya fitar da wani bincike kan kasuwannin Amurka da Birtaniya da Ostireliya. A ɓangaren Amurka ya yi amfani da alƙaluman shekarun 1926 zuwa 2011.

Binciken ya gwada wanda ya zuba kuɗinsa a dunƙule da wanda ya rarraba nasa a kan watanni 12, sannan aka duba abin da kowanne ya tara bayan shekaru goma.

A dukkan ƙasashen uku, mai saye a dunƙule ne ya yi nasara a kimanin kashi biyu cikin uku na lokutan da aka gwada. A Amurka matsakaicin fifikon da ya samu ya kai kashi 2.3 cikin ɗari.

Ma'ana, idan mai saye da kaɗan-kaɗan ya tashi da miliyan ɗaya, to ɗayan zai tashi da kimanin miliyan ɗaya da dubu 23. Ratar ba ta kai ta misalinmu girma ba, amma ta fi karkata ga ɓangare ɗaya.

Binciken ya kuma gano cewa da aka tsawaita lokacin sayen zuwa watanni 36, saye a dunƙule ya yi nasara a kimanin kashi 90 cikin ɗari na lokutan a Amurka.

Dalilin a fili yake. A waɗannan ƙasashe watannin da kasuwa ta hau sun fi waɗanda ta faɗi yawa, don haka kuɗin da ke jiran layi ya fi yawan rasa riba a kan kauce wa asara.

Tun a shekarar 1979 ma masanin tattalin arziƙi George Constantinides ya nuna ta hanyar lissafi cewa rarraba kuɗin da ke hannu ba ita ce hanya mafi dacewa ba ga wanda ya riga ya yanke shawarar zuba jari.

Sai dai ya kamata a tuna cewa kashi ɗaya cikin ukun da ya rage ba ƙaramin abu ba ne, kuma a cikinsa ne munanan shekaru suke.

Darasin shekarar 2008

Masu hannayen jari a Najeriya sun ɗanɗani irin wannan shekara. Bayan haɗewar bankuna a 2005, jama'a da dama sun yi tururuwa zuwa kasuwar hannayen jari ta Legas, wasu ma da bashin banki.

A farkon watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura maki dubu 66. Ya rufe shekarar a kan kimanin maki dubu 31, kuma a watan Maris na 2009 ya faɗi ƙasa da dubu 20, wato faɗuwar kimanin kashi 70 cikin ɗari a shekara guda.

Ma'aunin bai sake kai wa matsayinsa na 2008 ba sai a watan Agustan 2023, bayan shekaru 15. Ko da yake wannan lissafi bai haɗa da ribar da kamfanoni suka raba ba, a tsakanin lokacin dala ta tashi daga kimanin naira 118 zuwa sama da naira 700 a farashin hukuma.

Wanda ya zuba dukiyarsa a dunƙule a wancan watan na Maris, shi ne wan da ke cikin hali na huɗu, kuma babu alƙaluman Amurka da za su zame masa lallashi.

Amma akwai wani darasin na biyu. Wanda ya fara a watan Maris ɗin, ya rarraba kuɗinsa a kan watanni shida, ya gama saye ne a watan Agusta, tun kafin faɗuwar ta kai ƙarshenta. Shi ma ya yi asara mai yawa, sai dai ba ta kai ta ɗayan ba.

Wato kariyar da wannan hanya ke bayarwa ta tsawon lokacin sayen ce kawai. Daga ranar da kason ƙarshe ya shiga kasuwa, wa da ƙane sun zama ɗaya a gaban duk abin da zai faru.

Darasi na uku ya fi ɗaci. A watan Agustan 2009 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, sannan a 2011 hukumomi suka karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB, masu hannayen jarinsu kuma suka tashi a tutar babu.

Wanda ya yi ta ƙara sayen hannayen jarin irin waɗannan bankuna kowane wata saboda sun yi araha, bai rage asararsa ba, ƙara mata yawa ya yi. Saye da kaɗan-kaɗan ya dogara ne a kan cewa abin da ake saye zai farfaɗo.

Kasuwa baki ɗayanta takan farfaɗo ko da an daɗe, amma kamfani ɗaya yana iya mutuwa. Shi ya sa masana suka fi danganta wannan hanya da asusun haɗin gwiwa mai ƙunshe da kamfanoni da yawa.

Alamomin da ke bambanta araha da ciwon ajali sukan bayyana a takardun kamfanin: jinkirin fitar da rahoton shekara, daina raba riba, bashin da ke ƙaruwa, ko kuma farashinsa ya riƙa faɗuwa shi kaɗai alhali na takwarorinsa na hawa.

Kuɗin da ke jiran layi

A misalin wa da ƙane an ɗauka cewa kuɗin da ƙanen ya ajiye suna nan da darajarsu. A zahiri ba haka ba ne.

A tsarin watanni shida, kason farko bai jira ba, na biyu ya jira wata ɗaya, na ƙarshe kuma watanni biyar. A matsakaici kowace naira ta yi zaman wata biyu da rabi. A tsarin watanni 12 zaman ya kai wata biyar da rabi.

A ƙasar da farashin kaya ke tafiya a hankali wannan ba wani abin damuwa ba ne. Amma a watan Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.

Idan hauhawar ta kai kashi 30 cikin ɗari, naira ɗari da aka ajiye shekara guda ba za ta sayi abin da ya wuce na naira 77 a farashin bara ba. Ke nan zaman kuɗi a ajiye shi ma wani haɗari ne, sai dai ba a ganinsa a takardar banki.

Ga Musulmi akwai ƙarin abin dubawa. Binciken Vanguard ya ɗauka cewa kuɗin da ke jira suna samun kuɗin ruwa, amma duk da haka saye a dunƙule ya fi yawan yin nasara.

Wanda ba ya karɓar kuɗin ruwa, kuma ya bar kuɗinsa a asusun da ba ya haifar da komai, jinkirin ya fi yi masa tsada. Hanyar rage wannan giɓi ita ce ajiye ragowar a asusun mudaraba na bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz wanda ya fara aiki a 2012, muddin sharuɗɗan asusun sun ba da damar cire kuɗi wata-wata.

Haka kuma zaɓin hanyar saye bai ɗauke wa mutum duba halaccin abin da zai saya ba. Tun a 2012 kasuwar Legas ta ƙaddamar da ma'aunin Lotus na kamfanonin da aka tantance bisa ƙa'idojin shari'a. Batun zakka kuwa yana nan a kan dukiyar, ko tana ajiye ko tana kasuwa, kuma malamai ne ke fayyace yadda ake lissafinta a kan hannayen jari.

Ladan dillali

Abu na gaba shi ne kuɗin da ake cirewa a kowane ciniki. Idan ladan kaso ne na kuɗin da aka kashe, to babu bambanci tsakanin saye sau ɗaya da saye sau shida.

Amma idan akwai wani tsayayyen kuɗi da ake biya a kowane ciniki, lamarin ya canza. A ce naira 500 ce: a kan cinikin naira dubu 120 ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma a kan cinikin naira dubu 10 ta cinye kashi biyar cikin ɗari.

Wannan na nufin sai farashi ya hau da fiye da kashi biyar cikin ɗari kafin mai ƙaramin cinikin ya mayar da uwar kuɗinsa. A irin wannan hali ya fi kyau a tara kuɗin wata uku a saya sau ɗaya.

Ya kamata mutum ya nemi jerin dukkan kuɗaɗen da za a cira a rubuce, ya kuma tabbatar dillalin yana da rajista da hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta SEC.

Mai albashi ba ya cikin wannan muhawara

Akwai ruɗani ɗaya da ya kamata a kawar. Ma'aikacin da ke ware wani abu daga albashinsa kowane wata ya sayi hannayen jari, ba jinkirta komai yake yi ba, domin yana zuba kuɗin ne da zarar sun shigo hannunsa.

Haka tsarin fansho na karo-karo yake a Najeriya. A ƙarƙashin dokar 2014, ma'aikaci yana ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10, kuɗin na shiga asusu wata-wata ba tare da an dubi halin kasuwa ba.

Ga irin wannan mutum, kuskure shi ne ya yi ta tara kuɗin a gefe yana jiran ranar da kasuwa za ta faɗi ya saya a dunƙule. Muhawarar ta shafi wanda kuɗin ke hannunsa ne tun yau.

To wacce za a bi?

Amsar ta dogara ne a kan abin da mutum zai aikata a wata na huɗu na misalin farko, lokacin da naira dubu 720 ta koma dubu 360.

Da wan ya firgita ya sayar a ranar, da asarar da ke kan takarda ta tabbata, kuma da farfaɗowar wata na shida ta wuce shi. Fifikon da tarihi ya ba saye a dunƙule na wanda zai iya daurewa ne kawai.

Saboda haka wanda ba zai buƙaci kuɗin ba har tsawon shekaru, wanda ke sayen asusu mai kamfanoni da yawa, kuma ya san faɗuwar rabi ba za ta sa shi sayarwa ba, lissafi yana tare da shi idan ya saya a dunƙule.

Wanda kuwa kuɗin su ne mafi yawan abin da ya mallaka, kamar mai kuɗin sallama, ko wanda bai taɓa ganin faɗuwar kasuwa da dukiyarsa a ciki ba, yana da hujjar rarrabawa, matuƙar ya san cewa kwanciyar hankalin da yake nema tana da farashi. Idan ma faɗuwar rabi za ta taɓa abincin gidansa, to tambayar da ke gabansa ita ce nawa ya kamata ya zuba tun farko.

Idan an zaɓi rarrabawa, akwai sharuɗɗa uku. Na farko, lokacin ya zama gajere, daga watanni shida zuwa 12, tun da tsawaita shi yana ƙara yiwuwar a biya da tsada.

Na biyu, a rubuta ranar saye da adadin kuɗin tun kafin a fara. Na uku kuma, kada a tsallake wata don labarin kasuwa ya yi muni.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi wahala, kuma alƙaluman misalin sun nuna dalili. Da ƙanen ya ji tsoro ya ƙi saye a wata na uku da na huɗu, ya bari sai da farashi ya koma naira 40 sannan ya zuba naira dubu 240 ɗin, da hannayen jari 6,000 zai samu maimakon 11,000.

Da jimlarsa ta tsaya a kan 20,000, ribarsa kuma ta sauko daga naira dubu 280 zuwa dubu 80. Watanni biyun da suka fi ban tsoro su ne suka samar da mafi yawan ribar.